Farin Ƙanzo a Buta da Kan Shawa: Yadda Ake Cire Shi da Yadda Ake Hana Shi Dawowa

An sha tambayata abu ɗaya ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce butarsa ta lantarki ta yi fari fat daga ciki, har ɓawo yana zubowa a kofi. Wata ta ce shawarta ta daina feshi, sai dai ruwa ya riƙa tsartuwa gefe-gefe kamar allura. Wani kuma hitar banɗakinsa ce ta ƙone karo na biyu. Duk ciwo ɗaya ne. Ruwan gidan yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da ya narkar daga duwatsun da ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa, musamman dutsen farar ƙasa, shi ne ake kira ruwa mai nauyi. Idan aka ɗora shi a wuta, ko aka bar shi ya bushe a kan wani abu, sai ya sauke kayansa a wurin. Wannan farin ƙanzon da kake gani dutse ne ya koma dutse.

Shawarata tun daga farko ita ce kada ka sayi wata na'ura kafin ka auna ruwanka, kada kuma ka kankare abin da tsami zai narkar. Ga yadda za ka bi aikin daki-daki.

1. Tabbatar ƙanzon ne

Ɓanɓaro ɗan guntu ka sa a cokali, ka ɗiga masa farin khal ko ruwan lemon tsami. Idan ya yi ƙananan kumfa yana ɗan "shiii", to shi ne, kuma duk abin da ke ƙasa zai yi maka aiki. Idan tabon ja ne ko ruwan ƙasa, ƙarfe ne a ruwan. Idan kore ne mai ratsin shuɗi, ruwan yana cin bututun jan ƙarfe, wannan kuwa ya fi faruwa da ruwa mai tsami-tsami, na'urar tausasa ruwa, wato mai cire masa nauyi, ba za ta magance shi ba. Akwai kuma farin tabo a gilashi da tsami ba ya taɓa shi ko an jiƙa shi kwana guda. Galibi silika ce, ko kuma gilashin ne da kansa ya ci.

2. Auna nauyin ruwan

Gwajin gida mai sauƙi: zuba ruwan famfo a gorar roba zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka jefa ɗan ƙanƙanin sabulun wanka, ka jijjiga sosai. Ruwa mara nauyi zai yi kumfa ya tsaya. Mai nauyi zai yi fari kamar an ɗiga madara, da ɗan dauɗa a sama, kumfar kuma ta mutu nan take. Yi amfani da sabulu na ainihi, domin garin wanki da ruwan wanke-wanke an yi su ne don su yi kumfa a kowane irin ruwa, za su yaudare ka.

Wannan gwajin yana nuna akwai matsala, amma ba ya faɗin girmanta. Don samun lamba, nemi takardar gwaji da ake tsomawa ta sauya launi, ko mafi kyau, maganin ɗigo da ake ƙirga ɗigonsa har ruwan ya juya launi. Duka biyun masu arha ne. Ana bayar da sakamako da miligiram a lita, wato mg/L, wanda daidai yake da ppm. Rabon da aka fi amfani da shi shi ne: daga 0 zuwa 60 ruwa mara nauyi ne, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai nauyi, sama da 180 mai nauyi ƙwarai. Idan kayan gwajinka sun rubuta °dH, ninka da 17.8. Idan gpg suka rubuta, ninka da 17.1.

Gargaɗi: ƙaramar mitar nan mai kama da biro da ke nuna TDS ba ta auna nauyin ruwa. Tana auna duk gishirin da ya narke ne gaba ɗaya. Ruwa na iya nuna TDS mai yawa saboda gishiri, alhali kalsiyam ɗinsa kaɗan ne. Na ga mutane da yawa an sayar musu da na'ura mai tsada bisa lambar wannan mitar kawai, abin yana ba ni takaici.

Rubuta lambar da ka samu ka ajiye. A mataki na 6 da na 7 ita za ta yanke hukunci.

3. Wanke buta

Kayan aiki: garin sitirik asid, wato irin tsamin da ke cikin lemo, ana sayar da shi a farin gari kamar sukari, ko farin khal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, da soso mai laushi. Ni na fi son sitirik saboda ba ya barin wari, kuma kaɗan yake isa.

Cire butar daga wuta. Zuba ruwa har ya rufe inda ƙanzon ya tsaya, ka ɗumama shi ya yi zafi amma kada ya tafasa, sannan ka kashe. Zuba babban cokali biyu na sitirik a kowace lita, kimanin giram 30 ke nan. Nan take za ka ga ƙananan kumfa suna tashi daga gindin butar, ɓawon yana tsagewa yana ɗagowa falle-falle kamar ɓawon ƙwai. Bar shi minti 20 zuwa 30. Zubar, goge da soso, ɗauraye, sannan ka tafasa ruwa zalla sau ɗaya ka zubar. Idan da khal za ka yi, haɗa rabi khal rabi ruwa, ka ba shi kamar awa ɗaya, ka kuma tafasa ruwan ɗauraya sau biyu saboda wari.

Akwai abin da ke sa mutane cewa maganin bai yi ba, kuma lissafi ne kawai. Giram 30 na sitirik ba zai iya narkar da fiye da giram 23 na ƙanzo ba. Lita guda ta khal zalla iyakarta giram 40 da 'yan kai. Butar da ta shekara ba a wanke ba tana iya tara fiye da haka. Idan kumfa ta tsaya amma ƙanzo yana nan, tsamin ne ya ƙare. Zubar ka haɗa sabo. Barin sa ya kwana ba zai ƙara komai ba.

Gargaɗi: kada ka riƙa tafasa sitirik a kan ƙanzo mai kauri. Zafi mai yawa yana sa ya sauke wani sabon farin gari da ya fi wahalar fita. Kada ka haɗa khal da bekin soda, domin ɗaya yana kashe ɗaya, kumfar da ke burge mutane alama ce ta cewa tsamin ya tafi a banza. Kada ka sa wuƙa ko soson ƙarfe, karcen da za su bari shi ne wurin da sabon ƙanzo zai fi kamawa. Idan butar ta alminiyam ce, taƙaita jiƙon, tsami yana dusashe ta.

Bayan wannan, ɗabi'a ce ke rage aikin. Tafasa iya ruwan da kake buƙata, ka juye ragowar maimakon ka yi ta ƙara sabo a kan tsoho. Ruwan da ya haura 180 yana so a wanke buta kamar sau ɗaya a wata, tun ƙanzon yana siriri.

4. Buɗe kan shawa da bakin famfo

Idan kan shawar yana kwancewa, kwance shi, ka kula da ɗan zoben roba da ke mahaɗar kada ya ɓace. Nutsar da shi a kwano cikin ruwan ɗumi mai sitirik, ko rabi khal rabi ruwa, na awa ɗaya zuwa biyu. Idan ba ya kwancewa, zuba haɗin a leda, ka sa kan shawar a ciki, ka ɗaure da roba. Bayan jiƙo, goge da tsohon buroshin haƙori, ka tsokale ramukan da suka ƙi buɗewa da tsinken sakace. Masu ramukan roba ma sai ka murza da yatsa kawai. Sake ruwan zafi na minti ɗaya ya kore ɓarɓashin.

Bakin famfo yana da 'yar rariya da ake murɗewa ta fita. Sau da yawa mutum yana kukan ƙarfin ruwa ya ragu a gidansa, alhali wannan 'yar rariyar ce ta toshe. Jiƙa ta tare da kan shawar.

Gargaɗi, kuma wannan ya fi duk sauran muhimmanci: kada tsami ya haɗu da bilic ko wani maganin wanke banɗaki mai kilorin. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kilorin mai ƙona huhu, banɗaki kuma ɗaki ne matsattse. Idan ka yi amfani da ɗaya, ɗauraye sosai kafin ka taɓa ɗayan. Sannan kan shawa mai launin zinari, ko tagulla, ko baƙi, kada ya wuce minti 30 a jiƙo, launin yana iya tashi. Mabul da daɓen tarazo su ma ɗanyen kalsiyam ne kamar ƙanzon, don haka duk ɗigon tsami zai bar musu tabo dusasshe da ba ya gogewa. Shimfiɗa tsumma a ƙasa kafin ka fara.

Ga tayil da gilashin banɗaki, share ruwan da tsumma bayan wanka ya fi kowane magani. Abin da bai bushe a wurin ba, ba zai bar tabo ba.

5. Duba inda ido ba ya gani

Buta da shawa su ne ke fitowa fili, amma asarar gaske tana cikin hita. Ƙanzo ba ya barin zafi ya wuce. Idan ya lulluɓe ƙarfen da ke ɗumama ruwa, zafin sai ya taru a cikin ƙarfen har ya ƙone. Alamominsa: ruwa yana daɗewa kafin ya yi zafi, tankin yana ƙara kamar ana soya tsakuwa, ruwan zafi yana zuwa da rauni alhali na sanyi yana da ƙarfi.

Abu biyu za ka yi. Saita hitar a kan digiri 60. Sama da haka ƙanzo yana taruwa da sauri ƙwarai. Amma kada ka sauke ta ƙasa da haka sosai idan mai tanki ce, domin ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke zaune yana raya ƙwayar cutar lejiyonela mai kama huhu. Na biyu, sau ɗaya a shekara a kashe wutar, a rufe ruwan shiga, a juye tankin, a ciro ƙarfen a jiƙa shi a sitirik. Idan ba ka saba da aikin lantarki ba, kira mai gyara. Kada a kunna wuta sai tankin ya sake cika, in ba haka ba ƙarfen zai ƙone cikin ɗan lokaci.

Injin wanki shi ma yana da irin wannan ƙarfen. Wanki da ruwa mara zafi sosai yana rage masa wahala. Ruwa mai nauyi kuma yana cin sabulu, shi ya sa tawul yake yin tauri, fata kuma take jin kamar ba a ɗauraye ba. Ta fuskar sha kuwa, ka kwantar da hankalinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa nauyin ruwa iyaka ta dalilin lafiya ba, ɓawon da ya faɗa kofinka kuma ba guba ba ne.

6. Zaɓi magani daidai da lambarka

Idan ruwanka bai kai 120 ba, wanke-wanken da ke sama sun isa. Tsakanin 120 da 180, ya danganta da kayan da kake da su: gidan da buta ce kawai ke ɗumama ruwa ba ya buƙatar babbar na'ura. Sama da 180, ga hita ga injin wanki, a nan na'urar tausasa ruwa take fara biyan kuɗinta.

Abubuwan da ba sa rage nauyin ruwa, ko da mai sayarwa ya rantse: matatar zare ko ta soso da ke tare laka, matatar gawayi, alam, da yawancin 'yan matatun da ake ɗaurawa a kan shawa. Suna cire laka ko wari, amma kalsiyam narkakke ne, yana wuce su. Maganaɗisun da ake manna wa bututu ma ba ya cire komai daga ruwan, sakamakon gwaje-gwajensa kuma bai tsaya a magana ɗaya ba. Ni ba zan dogara da shi in kare hita ba.

Abubuwan da ke aiki, daga mai arha zuwa mai tsada: tulun tace ruwa mai ƙwayoyin razin, wato 'yan ƙwayoyin roba da ke kama kalsiyam, yana rage ƙanzon buta, sai dai cikinsa yana saurin ƙarewa a ruwa mai nauyi. Ƙaramar kwalbar folifosfet da ake sawa a bututun shiga hita ba ta tausasa ruwa, tana dai hana kalsiyam mannewa, kuma ana sake cika ta. Matatar RO, mai tura ruwa da matsi ta cikin siririyar fata, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke tana cire kusan komai, amma ta famfo ɗaya ce, tana kuma zubar da ruwa mai yawa kafin ta ba da lita guda. Wadda ke tausasa ruwan gida gaba ɗaya ita ce na'ura mai gishiri.

7. Lissafa girman na'ura mai gishiri

Yadda take aiki a taƙaice: tulu ne cike da ƙwayoyin razin ƙanana kamar yashi. Ruwa yana ratsa su, su kama kalsiyam da magnesiyam su saki sodiyam. Idan sun cika, na'urar ta wanke su da ruwan gishiri mai kauri daga tankin da ke gefe, ta zubar da wankin, su koma sababbi.

Ɗauki gida mai mutum biyar, ruwansu ya nuna 300 mg/L. A ce kowa yana amfani da lita 150 a rana, jimilla lita 750. Ninka 750 da 300, ka samu miligiram 225,000, wato giram 225 na ƙanzo ke shiga gidan kullum. A wata guda ya kusa kilo bakwai. Ba duka ne ke mannewa ba, amma ka ga abin da hitar ke fama da shi.

Lita ɗaya ta razin tana kama wajen giram 50 kafin ta cika. Na'ura mai lita 25 za ta kama giram 1,250. Raba da 225, ka ga za ta yi kwana biyar da rabi kafin ta nemi wanki. Wannan girman ya yi daidai, domin abin da ake so shi ne ta wanke kanta tsakanin kwana uku zuwa bakwai. Da lita 10 suka saya, da kusan duk bayan kwana biyu tana wanki. Kowane wanki na mai lita 25 yana cin gishiri kamar kilo biyu da rabi zuwa uku, wato wajen kilo 15 a wata, da ruwa fiye da lita 100. Idan kana lissafin tsada, haɗa waɗannan da kuɗin saye da na ɗaurawa, domin gishirin ba ya ƙarewa da saye, shi ne kuɗin kowane wata. Nemi wadda ke wanki bisa yawan ruwan da ya wuce, ta fi mai bin agogo tattalin gishiri.

Gargaɗi: idan ruwan na rijiyar burtsatse ne, a gwada ƙarfe da laka kafin a saya. Ƙarfe yana lulluɓe razin ya kashe shi, sai an sa matatarsa a gaba. Na'urar kuma tana son matsin ruwa kamar 1.5 zuwa 2 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Tankin da ke kan rufin bene ɗaya ba ya ba da wannan, tunda sai tsayi ya kai mita 10 ake samun bar ɗaya. Irin wannan gidan yana buƙatar famfon ƙara matsi.

8. Ɗaurawa

A sa na'urar a bututun da ruwa ke shigowa gida, kafin hita, a inuwa, kusa da magudana da soket. A sa mata hanyar kewaye, wato bawul ɗin da zai ba ruwa damar wucewa idan ta lalace. Bututun zubar da wanki kada ya nutse a cikin magudana, a bar rata tsakaninsu don kada ƙazanta ta koma ciki. Shigar da lambar nauyin ruwanka a kan na'urar, kada a bar ta a saitin kamfani.

Ka ce wa mai gyaran famfo ya bar famfo ɗaya a kicin da na lambu a kan ruwan da ba a tausasa ba. Dalili shi ne sodiyam. Duk 100 mg/L na nauyi da aka cire yana barin miligiram 46 na sodiyam a lita, don haka ruwan gidan da muka lissafa zai ƙaru da miligiram 138 a kowace lita. Ga mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, amma kada a haɗa madarar jarirai da shi, wanda likita ya hana gishiri kuma ya tambayi likitansa. Shuke-shuke ma ba sa son sa.

9. Kula da ita

Duba tankin gishiri kowane wata, gishirin ya kasance sama da ruwan da ke ciki, amma kada a cika shi maƙil. Yi amfani da gishirin da aka yi don na'urar, mai dunƙule-dunƙule. Gishiri mai laushi yana zama taɓo a gindi ya toshe mazuƙar da na'urar ke jan ruwan gishiri da ita.

Gwada ruwan da ke fitowa duk bayan wata biyu da maganin ɗigon nan. Idan nauyi ya dawo alhali tanki cike yake, kuma gishirin ba ya raguwa, to ya daskare ya yi gada: sama cike, ƙasa rami, ruwa ba ya taɓa shi. Ɗauki sanda mara tsini ka danna a hankali har ya rufta, ka ba shi awa huɗu ya narke, sannan ka sa na'urar ta yi wanki da hannu. Washegari ka sake gwadawa. Idan har yanzu lambar tana sama, mazuƙar ruwan gishiri ce ta toshe ko razin ya gaji, a nan sai a kira mai gyara.